Kafin a kira yaro daƙiƙi, a tambaye shi ko ya karya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan wata kalma da ta yi mana sauƙi a baki, mu malaman firamare da iyaye a nan Kano, wato "daƙiƙi". Da yawa daga yaran da muke liƙa wa wannan suna lafiyar kansu ƙalau, yunwa ce ko tsoro ke cin su.

A shekarar 1943 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Abraham Maslow, ya jera buƙatun mutum hawa biyar. A ƙasa akwai ci da sha da barci, sai zaman lafiya da kwanciyar hankali, sai ƙauna da jin ana yi da kai, sai mutunci, a can sama kuma burin mutum ya kai iyakar baiwarsa. Ya ce muddin buƙatar ƙasa na kuka, ita ke jan hankali. To mu a aji kullum daga hawan sama muke farawa.

Yaron da ya ci tuwo ƙarfe takwas na dare, ya fito da safe ko koko bai kurɓa ba, kuma babu kuɗin tara a aljihunsa, zuwa sha ɗaya na rana ya yi awa 15 ciki babu komai. Ƙwaƙwalwa kuwa, duk ƙanƙantarta, ta fi yawancin sassan jiki cin abinci. A jikin babba ma tana lashe kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonawa, na yaro ya fi haka. Shi ya sa za ka ga ya fara hamma, ya kifa kai a benci, ko ya zuba wa mai sayar da awara ido ta taga.

Tsoro ya fi wuyar ganewa. A kira yaro gaban allo, a ce ya ninka 36 sau 4. Sai ya ce 6 sau 4 ashirin da huɗu, ya rubuta 4, ya riƙe 2 a ka. Ya ce 3 sau 4 sha biyu, ya ƙara biyun nan, ya samu 144. Duk aikin ya rataya ne a kan wannan 2 da ya ajiye a ka na 'yan daƙiƙoƙi, kuma abin da kai ke iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne ƙwarai. Yanzu malam ya tsaya a bayansa da dorina. Gabansa na faɗuwa, tafinsa na gumi, rabin hankalinsa na kan hannun malam. Biyun ta ɓace, ya rubuta 124. Jadawalin ninki ya iya shi, tunda 24 da 12 duk ya kawo su daidai. Sai a zane shi, gobe ya zo da tsoron da ya fi na yau.

Ba bulala kaɗai ba ce. Akwai wanda manyan yara ke tare shi a lungu su ƙwace masa kuɗin tara, akwai wanda ya ratso faɗan daba kafin ya iso, akwai yarinyar da ta kwana tana jin rigimar iyayenta.

Bambance su ba ya buƙatar likita. Na yunwa da lokaci yake tafiya: a ba shi ƙosai ko gurasa lokacin tara, a duba yadda yake bayan an dawo aji. Na tsoro kuwa da wuri da mutum yake tafiya: a ba shi wannan lissafin a kujerarsa, kusa da abokinsa, malam ya matsa gefe. In ya kawo 144, an gano bakin zaren. Wanda ya ƙoshi, hankalinsa a kwance, amma har yanzu ya kasa, shi ne za a sake wa darasi daga tushe, a kuma duba ko yana ganin allo da kyau, yana ji sosai.

Na san wani zai ce ai almajirai da yawa da yunwa suka haddace Alƙur'ani. Gaskiya ne, kuma Maslow kansa bai ce sai hawa ɗaya ya cika fal sannan a taka na gaba ba. Himma da maimaici suna kai mutum nesa. Sai dai mu kan ƙirga waɗanda suka sauke ne, ba ma ƙirga waɗanda suka gudu.

Tun da gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024, yawancin maganar da ake ji ta gini ce da kujeru da ɗaukar malamai. Ina roƙon a sa ciyar da ɗalibai a sahun gaba, kuma abincin ya riƙa isowa da safe kafin darasin lissafi. Shugabannin makarantu su sassauta dukan makara a bakin ƙofa, don yawancin masu makarar nan ɗiban ruwa ko talla ko jiran koko ne ya tsayar da su. Ƙungiyar iyaye da malamai kuma ta samu dattawan unguwa su riƙa leƙa lungunan da yara ke bi da safe da lokacin tashi.

Naka,
Wani malamin firamare,
Kurna, Kano.