Na tsallake kason wata ɗaya na firigo, tara tana cin abin da nake biya

Zuwa ga Malam mai amsa wasiƙun masu saurare,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka, ni matar aure ce a unguwar Sabon Gari cikin Damagaram, sana'ata sayar da ƙanƙara da soɓo a gida, yara kuma suna kai mini wasu bakin kasuwar Dole. Na rubuto ne a kan wani firigo da na ɗauka bisa tsarin nan na ɗauki yanzu ka biya sannu a hankali, kuma na ajiye takardun a gabana don kada in faɗi abin da ba shi ne ba.

Ranar 5 ga Satumba na je kantin. Firigon jika 240 ne ga wanda zai biya lakadan. Ni da ba ni da su, sai yaron kantin ya ce in ba da kafin alƙalami jika 60, sauran kuma in riƙa biyan jika 35 duk wata har wata shida. Sai da na zo sa hannu aka ce akwai jika 6 na buɗe takarda, waɗanda ba a ambata ba lokacin ciniki, na ciro na bayar saboda an riga an ɗora firigon a amalanke kuma kunya ba za ta bar ni in ce a sauke ba. Ƙanen maigidana ya sa hannu a matsayin mai tsaya mini.

Jadawalin da aka ba ni layi shida ne, kowane layi da kwanan wata da adadi: 5 ga Oktoba 35.000, 5 ga Nuwamba 35.000, haka har 5 ga Maris. Babu inda aka tara jimilla, babu kuma inda aka rubuta farashin lakadan kusa da na bashi. Ƙanena da ke karatu a jami'ar André Salifou ne ya tara mini daga baya, ya nuna mini cewa jika 276 zan biya gaba ɗaya, wato ƙarin jika 36. Na ce masa ai wannan kashi 15 cikin ɗari ne na kuɗin firigon, ba laifi. Ya ce a'a, Yaya, bashin da aka ba ki jika 180 ne tunda kin biya 60 nan take, kuma bai zauna hannunki wata shida cur ba, kowane wata yana raguwa, don haka idan aka daidaita, kamar jika 105 kika riƙe na rabin shekara. A lissafinsa, ƙarin ya haura kashi 60 cikin ɗari a shekara.

Kaso uku na farko na biya su kan lokaci. Abin da ban yi tunani ba shi ne sanyin ɗari. Kowa a garin nan ya san cewa daga Disamba ƙanƙara ba ta fita, akwai ranar da yara suka dawo mini da rabin kula ba a taɓa ba. Da 5 ga Janairu ta zo, jika 35 ba su haɗu ba.

A bayan takardar, da ƙananan haruffa cikin Faransanci, an rubuta cewa ana ɗaga ƙafa na kwana uku, daga nan sai tarar jika 2 a dunƙule, sannan sefa 200 a kowace rana. Saƙon tuni ya shigo salulata ranar 9 ga wata, adadin da ke ciki ya riga ya canja. Na yi ta tattarawa har ranar 20 ga wata na aika jika 20, ina ganin saura jika 15 a kaina. Saƙon da ya dawo ya ce saura 19.400. Da na je kantin, mai riƙe da littafi ya buɗe mini shafina ya bi da bakin biro: kwana 12 sau 200 sun zama 2.400, a haɗa da jika 2 sun zama 4.400, kuma wannan ake fara cirewa kafin a taɓa uwar kuɗi, saboda haka 15.600 kaɗai suka shiga kason Janairu. Abin da ya fi ci mini rai, sefa 200 ɗin ba ta ragu ba duk da na biya kusan rabi, tana nan tana hawa kamar ban kawo ko dala ba. Yau 30 ga wata, an ƙara mini jika 2. Idan 5 ga Fabrairu ta same ni haka, 57.600 za a nema a hannuna rana ɗaya.

Akwai kuma sharaɗi biyu da ƙanena ya fassara mini. Na farko, idan kaso biyu suka haɗu ba a biya ba, jadawalin ya rushe, suna da damar neman duk abin da ya rage nan take, wato 89.400 ban da tara, daga gare ni ko daga wanda ya tsaya mini. Na biyu, firigon mallakarsu ne har sai an biya kaso na ƙarshe. Ni kuwa jika 191 sun riga sun fita daga hannuna.

Malam, ga abin da nake son ka haska mini. Ƙanena ya ce a ƙasashen da ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO akwai iyakar ruwan bashi, wadda tun 2014 aka tsayar a kan kashi 24 cikin ɗari a shekara ga ƙananan cibiyoyin ba da lamuni, kuma ana auna ta da abin da ake kira TEG, wanda ke haɗa ruwa da kuɗin takarda wuri ɗaya. A takardata ban ga waɗannan haruffa ba. Shin wannan iyaka ta hau kan mai kanti da ya sayar da kayansa bashi, ko kuwa zai ce shi farashi ya sa, ba rance ya bayar ba? Idan kuma suka zo ɗaukar firigon, suna iya shiga gidana su fitar da shi ba tare da takardar alƙali ba? In sun ɗauka sun sayar, me dokokin kasuwanci na bai ɗaya na ƙasashen Afirka, wato OHADA, suka ce game da jika 191 ɗina, ana cire abin da suke bi a maido mini da ragowar, ko sun tafi ke nan?

Ta fuskar addini ma hankalina bai kwanta ba. Na ji a wajen karatu cewa malamai da yawa sun halatta farashin bashi ya fi na lakadan matuƙar an yanke shi tun ranar ciniki, amma ƙarin da ake ɗorawa saboda jinkiri shi ne riba. To, ni da na sa hannu ban karanta bayan takarda ba, mene ne matsayina idan na biya tarar don in tsira da kayana?

Hanya biyu nake gani yanzu. Ina da tunkiya mai ciki da zan iya sayarwa in rufe Janairu da Fabrairu tare, sai dai ita ce kaɗai abin da na ajiye. Ko kuma in ɗauki maigidana da ƙanensa mu je wurin mai kantin, mu roƙi a tsayar da tarar, a mayar da ragowar zuwa Maris da Afrilu lokacin da zafi ya sauka kuma ƙanƙara take kuɗi. Zuciyata ta fi karkata ga ta biyu, amma ina tsoron alkawarin baki, domin littafinsu da saƙon salula ba su san da shi ba. Idan ya yarda, me ya kamata a rubuta a sabuwar takardar, wa zai sa hannu, kuma in ci gaba da aika abin da na samu kafin nan ko in riƙe har a daidaita? Ina roƙon a karanta wasiƙata kafin 5 ga wata.

Wassalam,
Mai saurarenka daga Sabon Gari, Damagaram