Zuwa ga Dogo, daga Sharar Mansur

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya, da uwargida da amarya, da yara baki ɗaya. Mu nan Makka sai godiya, in ka cire zafin da ya sa ko kuliyoyin unguwa ba sa fitowa kafin la'asar.

Dogo, shirun ya yi yawa, kuma ba zan karɓi uzurin kati ba, don na ga hotonka a wajen ɗaurin auren ƙanen Na-Goggo, tumbi ya riga ka shiga rumfa. Dabino da zamzam ɗin da na ba matar Liman sun iso kuwa? Ta ce za ta kai har gida, amma ka san ta.

Abin da ya zaunar da ni rubutu dai waƙa ce, kar ka yi tsaki. Ka tuna majalisarmu ta bayan isha'i da na taɓa ba ka labari, inda muke haɗuwa a ɗakin wani dattijo mutumin Bauci, ana shayi kowa ya karanta abin da ya rubuta? Kwanaki na kai musu wata sabuwa a kan mutuwa, ƙwar biyu, wato kowane baiti ɗango ko layi biyu, na sha wuya a kanta sosai. Na rera tun daga yabon farawa har zuwa tammat, ina jiran a ce madalla. Dattijon ya ajiye kofinsa, ya shafa gemu, ya ce, “Allah ya jiƙan Sa'adu.” Shi ke nan. Yaran suka ce amin suna ƙunshe dariya. Mutumin da ya rasu tun 1958 shi ya kwashe ladan waƙar da na hana idona barci a kanta!

Na tashi da fushi, amma da na koma ɗaki na shimfiɗa takardar ina neman inda Sa'adu Zungur ya shigo. Ban ɗauki ɗango ko ɗaya nasa ba, wannan na rantse. To ta ina? Sai da na bi ƙarshen baitocin da yatsa na gano ƙofar. Amsa-amon ne. Na zaɓi “ya”, kuma duk wanda ya zaɓi “ya” a Hausa ya san kalmomin da za su yi layi a bakin alƙalaminsa: gaskiya, duniya, zuciya, tarbiyya, dukiya, ƙarya. Da ka ajiye “duniya” a ƙarshen ɗango, farkonsa ya riga ya rubuta kansa, sai ka ce a guje ta ko a yi hattara da ita. Da ka ajiye “gaskiya”, dole ka umarci wani ya riƙe ta. Kafin ka farga ka hau mumbari kana cewa ku taso, ku farka, ku bari. Shi Sa'adu yana da jama'ar da yake yi wa wannan kira, a zamanin da ake gardamar makomar Arewa, kuma ya biya kuɗin maganarsa. Ni fa? Tela ne a lungu, ina yi wa mutum bakwai da butar shayi huɗuba.

Akwai gwajin da wani yaro ɗalibi a majalisar ya fito da shi, mugun yaro ne amma yana da kai. Ya ce in karanta kowane baiti in tsaya kafin kalmar ƙarshe, su ƙarasa. Wallahi Dogo, kusan duka sun ƙarasa daidai, wani ma da bakinsa cike da biskit. Baitin da mai sauraro ya san ƙarshensa tun ba ka kai ba, ai ya taɓa jin sa a wani wuri, ko da bai san inda ya ji ba. Guda biyu ne suka gagare su, kuma duka biyun a kan tsohon da ya sa na fara waƙar ne tun asali.

Bari in ba ka labarin tsohon, don shi ne kan zancen. Bayan an sauko daga Arfa, lokacin da alhazai ke cika kasuwa da sayen tsaraba, wani tsoho ya shigo shago shi kaɗai, da 'yar jakarsa ta hukumar alhazai a rataye a wuya. Bai kalli jallabiya ba, bai kalli abaya ba. Ya nuna farin yadi ya ce in yanka masa na likkafani, zai wanke da zamzam ya shanya ya tafi da abinsa gida. Ya murza bakin yadin tsakanin yatsu biyu, ya ɗaga shi wajen fitila yana duba ko saƙar ta yi shara-shara, kamar mai zaɓen shaddar Salla. Sannan ya zauna ciniki. A kan riyal ɗaya muka yi ta ja, ni na ƙi, shi ya ƙi. Da zai biya, ya kwance kuɗin daga ƙullin leda, ya dube ni ya ce ni ma nawa yadin yana nan kusa.

Ka ga abin da aka ba ni kyauta. Ni kuma na je na binne shi a tsakiyar baitoci masu gargaɗi a kan ruɗin duniya, har tsohon ya ɓace, ya zama “ɗan Adam”. Saboda haka na sake ta daga tushe, na kafa wa kaina sharaɗi: babu “ya” a amsa-amo, babu “ku” na umarni, kuma ba abin da zai shiga sai wanda na gani ko na ji a shagon nan. Ga yadda ta fara yanzu:

Fari sol yake so, na kwanan ƙasa,
Ya murza, ya shafa, ya duba bisa,
Ya ce in rage mai riyal, na musa,
Ya ce, “Naka yadin yana nan kusa.”

Karin ban taɓa shi ba. Mutaƙarab ne, gajeriyar gaɓa ɗaya dogaye biyu, sau uku, sannan gajeriya da doguwa a rufe. Ka rera “Fari sol, yake so” kana buga cinya za ka ji. Wannan kari ba gadon gidan kowa ba ne, daga Larabawa malamanmu suka karɓo shi, kowa ya zuba abin da ya ga dama a ciki. Da farko na ɗauka sai na yar da kari gaba ɗaya kafin in zama kaina, kamar yadda yaran yanzu ke yi, su jera magana a gutsure su ce waƙa ce. Ashe ba nan matsalar take ba. Da na koma “sa”, kalmomin da suka zo su ne ƙasa, bisa, musa, kusa, kuma babu wadda ta zo da wa'azinta a hammata. Dole na nemo abin da zan faɗa da kaina. “Na musa” ɗin nan ma, da ina kan mumbari ba zan taɓa rubuta shi ba, don mai wa'azi ba ya nuna kansa yana rowar riyal ɗaya a kan likkafanin tsoho.

Af, ka ji Ɗan Auta ya bar Jidda? Tun rusau ɗin da ya cinye unguwarsu bai sami wurin zama ɗaya ba, yau yana wajen wannan gobe wajen wancan. Yanzu wai Madina ya nufa, ya hau jirgin ƙasan nan mai gudu, ya turo mini hoto yana zaune kamar wani attajiri, alhali ina bin sa kuɗin ɗinki tun azumin bara. In uwarsa ta tambaye ka, ka ce yana lafiya, kar ka ƙara komai.

Na san abin da za ka ce, don ka taɓa faɗa: in tattara littattafan in kulle a akwati, in daina sauraron kaset ɗin Aƙilu Aliyu, kunnena ya huta. Ban yarda ba. Wanda ya daina karanta manya ba ya komawa fari fat, sai dai ya koma kwaikwayon abin da ke tashi a wayar maƙwabcinsa. Kuma ai magabata ba su ɓoye aro ba, sun ma yi masa gurbi. Mene ne tahamisi? Ka ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ka ɗora naka uku a kansa, ya zama ƙwar biyar, kowa ya san wanne ne naka wanne ne nasa. Yanzu haka nake yi in ƙaiƙayin ya taso. In na ji bakina yana son karangiya irin ta Aƙilu, kalmomi suna karo da juna, sai in buɗe wani littafi daban in yi ta har in gaji, in rubuta sunan mai ita a sama. Kayan aro ba ya rufe katara, amma ba laifi ba ne ka san inda ka rataye shi.

Kar ka ɗauka an yi mini tafi. Da na kai sabuwar, dattijon bai yi wa kowa addu'a ba, wannan ci gaba ne. Amma ya ce, “Wannan hira ce ko waƙa?” Kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. In ka cire kira da gargaɗi, abin da ya rage yana iya zama labarin shago kawai da aka yi wa kari. Baitoci huɗu na gaba haka suka fito, na auna, na yanka, na naɗe, na sa a leda, babu wani nauyi a ciki, duk na soke su. Na farkon ya tsaya ne don maganar tsohon tana da kaifi da kanta. Inda na tsaya ke nan yanzu, ina neman abin da zai biyo bayanta wanda ba zai zama fassarar abin da ya riga ya faɗa ba. Hannuna kullum yana son ya rubuta baitin da zai ce ma'anar wannan ita ce kaza, ni kuma ina buge shi.

Ga aikin da zan ba ka, tunda ba ka da abin yi sai zaman majalisa. Ka karanta wa Malam na Ƙofar Mata ɗangon nan huɗu, kar ka ce nawa ne, ka tambaye shi na wa ya yi kama. In ya ambaci wani, ka gaya mini ko wane ne, kar ka rage don ka faranta mini. Sannan in masu Umara na unguwa za su taso, a sako mini kuka da daddawa, ta nan tsada kuma ba ƙamshi. Daddawar a ƙulle ta da kyau, ta bara sai da ta ɓata wa mutumin da ya kawo ta kayan sawarsa, har yau ba ya amsa sallamata da daɗi.

Ka gaida Hajiya, ka ce ina sa ta a addu'a a Harami. Amarya kuma ka ce ta rage maka tuwon dare.

Naka,
Tela