Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Gyaran Rediyo da Kayan Lantarki

Assalamu alaikum. Malam Shugaba, iyayen ƙungiya, masu gida da yaranmu masu koyo, ga rahoton abin da aka gudanar a shekarar da ta gabata.

Kuɗin wata ya shigo daidai gwargwado, kuma ma'aji zai karanta lissafinsa daban. An kai gudummawa ga 'yan uwan da aka yi wa rasuwa ko haihuwa, Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Aikin da ya ci mafi yawan lokacinmu shi ne ajin karatun zanen lantarki da babban taro ya amince a buɗe wa yara masu koyo, don haka a kansa rahoton zai daɗe.

Dalilin buɗe ajin sananne ne. Yaro ya iya cire kaya ya mayar da irinsa, amma in ka miƙa masa zane sai ya juya takarda sama da ƙasa. Littafi ɗaya muke da shi, na wani ɗanmu da ke kwalejin fasaha, sai aka riƙa ɗaukar hoton shafin da waya ana tura wa kowa. Kwamiti ya zaɓi zane guda aka zauna a kansa: na'urar da ke sauke wutar Nepa mai bolt 230 ta mayar da ita irin ta batir, wadda kusan kowace tsohuwar rediyo da amfilifaya ke ɗauke da ita.

An koya wa yara su bi zanen daga hagu zuwa dama da yatsa. Farko fiyus ne, aikinsa ya tsinke in wuta ta wuce kima. Sai taransifoma, naɗi biyu masu fuskantar juna da layuka biyu a tsakani, wadda ke sauke bolt 230 zuwa 12. Babu waya tsakanin naɗin biyu, maganaɗisu ne ke haɗa su, kuma abin da ke fitowa har yanzu wuta ce mai kai-komo, sau 50 a daƙiƙa.

A kan dayod huɗu aka fi shan gumi. Kowace an zana ta kamar kan kibiya da sanda a gabansa. Wuta tana bin inda kibiyar ta nuna, ba ta komowa, kuma sandar nan ita ce zoben azurfa da ke jikin dayod 1N4007 ta gaske. An jera su kusurwa huɗu. Lokacin da wayar sama ta taransifoma ke da ƙarfi, wuta ta bi dayod ɗaya ta fita kusurwar +, ta ratsa abin da ake kunnawa, ta dawo kusurwar −, ta bi dayod ɗin da ke fuskantar ta farko ta koma wayar ƙasa. Da abin ya juya, sauran biyun ne ke karɓar aiki, amma a wajen abin da ake kunnawa hanyar ba ta sauya ba. Lambobin D1 zuwa D4 suna bambanta daga littafi zuwa littafi, shi ya sa muka hana haddace su. Ƙa'idar da muka bayar ita ce a dubi kusurwa: inda sanduna biyu suka haɗu nan ne +, inda bayan kibiya biyu ya haɗu nan ne −, sauran kusurwa biyun na wayoyin taransifoma ne.

Daga nan sai kafasita, C1, an rubuta 2200µF 25V. Ita kamar randa ce, tana cika lokacin da wuta ta hau, tana bayarwa lokacin da ta sauka. Wani yaro ya yi tambaya mai kyau: tun da taransifoma 12 ce, me ya sa ba za a sa mai bolt 16 ba, ga ta da araha? Aka yi lissafin a allo. Bolt 12 ɗin da mita ke nunawa ba shi ne ƙololuwa ba. Ƙololuwar ita ce 12 sau 1.414, wato wajen 17. Dayod biyu da ke kan hanya kowace ta ci kusan 0.7, saura wajen 15.6, kuma har can kafasita ke cika. Ƙananan taransifomomi ma in ba kaya a kansu sukan ba da fiye da abin da aka rubuta, ta yadda mita kan nuna 17 ko 18. Mai bolt 16 ba ta da sararin numfashi, kumbura za ta yi. A ƙarshen zane akwai rizista R1 mai om 1000 a jere da ɗan ƙwan LED ja. Ƙwan na cin kusan bolt 2, ragowar 13.6 a raba da 1000, ya ba da miliamfiya 13.6, wanda ya ishe shi haske ba tare da ya ƙone ba.

Matsalar da ba mu zata ba daga hoton kanta ta fito. A zane, in layi biyu suka gitta da ɗigo a mahaɗarsu an haɗa su ke nan, in babu ɗigo wucewa kawai suka yi. Hoton da aka ɗauka a karkace, ko da walƙiyar waya a kan takarda mai sheƙi, yana cinye wannan ɗigon, yana cinye alamar + ta kafasita, kuma 4k7 sai ta koma kamar 47k. A rukuni ɗaya, dayod ɗin da ta faɗa wajen lanƙwasar littafi ba ta fito sosai ba, aka ɗaura ta a juye. Dayod ɗaya a juye gajeren zango take buɗe wa taransifoma a rabin kowane zagaye. Abin da ya ceci kayan shi ne ƙwan fitila mai zare na wat 60 da muke sawa a jere da wayar Nepa a gwajin farko: ya kama fes ya tsaya, alamar akwai haɗewa. In komai lafiya, ɗan ja yake yi ya dushe.

Tun daga ranar kwamiti ya kafa doka. A shimfiɗa littafi, a ɗauka daga sama daidai, da hasken rana, a tura ta WhatsApp a matsayin fayil don kada ya matse hoton. Kuma kowa ya sake zana shi da hannunsa a takarda kafin ya taɓa dalma. A ganina wannan sake zanen ya fi duk bayanin allo amfani, domin nan ake gane wanda ya tsallake ɗigo.

An kuma gwada gano cuta da gangan. Aka cire dayod ɗaya, kafasita ta koma cika sau 50 a daƙiƙa maimakon 100, rawar wutar ta ninka, lasifika ta kama gurnani. Kafasita da ta bushe ma haka take yi, sai dai mita ke raba gardama ta hanyar gwada dayod ɗaya bayan ɗaya. An nuna musu cewa in Nepa ta kawo 180, abin da za a samu a kan C1 bai wuce wajen 12 ba, don kada a ɗora wa kaya laifin da ba nasu ba.

Inda muka gaza shi ne halarta. Wasu masu gida ba sa sakin yaransu ranar aji, mita kuma ba ta isa kowa ba. Kwamiti na roƙon taro ya amince a sayi ƙarin mitoci daga asusu, a mayar da ajin safiyar Juma'a kafin masallaci. Badi, in Allah Ya kai mu, za a ɗora 7805 a kan wannan zanen don samun bolt 5 tsayayye, daga nan a shiga taranzista. Mai son sa yaronsa ya ba da suna wajen ma'aji kafin a tashi.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya