Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Mai Tambaya a Kan Sugan Mahaifinsa

"Likita, mahaifinmu yana da shekara 78, kuma ya haura shekara 20 da ciwon suga. Mun yi ta fama har gwajinsa na HbA1c ya sauko 6.2, awon safe kuma ba ya wuce 85. Sai ga shi likitansa ya cire masa gilibenkilamid, ya bar shi a kan metfomin kaɗai, ya ce ko gwajin ya kai 8 babu laifi. Yanzu awon safe 140 ne zuwa 150. Shin ya fid da rai da Baba ne don ya tsufa? Ko mu koma kemis mu ci gaba da saya masa na da?" Daga wani mai sauraro a Tudun Wadan Zariya.

Assalamu alaikum, Malam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi da shi. Lokacin da aka ba mu a shirin rediyo bai isa a yi wa tambayarka adalci ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuta amsar a fili, domin gidaje da yawa a cikin birni da kewaye suna cikin irin wannan damuwa. Ban duba Baba da kaina ba, saboda haka hukuncin ƙarshe na likitansa ne. Amma bisa alƙaluman da ka kawo, abin da ya yi shi ne abin da ni ma zan yi, kuma ina roƙonku kada ku koma wa wancan magani.

Da farko dai a san inda lambar 7 da kowa ya haddace a matsayin burin gwajin HbA1c, wato gwajin matsakaicin suga a jini, ta samo asali. Babban binciken da aka yi a Birtaniya mai suna UKPDS, wanda sakamakonsa ya fito a 1998, ya bi mutanen da aka gano ciwonsu sabo-sabo, 'yan tsakanin shekara 25 zuwa 65, na tsawon kimanin shekara goma. Waɗanda aka riƙe gwajinsu a wajen 7 sun samu raguwar lalacewar ƙananan jijiyoyin jini, musamman na ido, da kusan kashi 25 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda nasu ya tsaya a wajen 7.9. Wannan amfani na gaske ne, sai dai ba ya bayyana sai an shafe shekaru masu yawa ana matse sugan. Magidanci ɗan shekara 45 yana da waɗannan shekaru a gabansa, da yardar Allah, kuma jikinsa yana iya jure faɗuwar suga idan ta auku. Lissafin dattijo ɗan shekara 78 daban ne, domin ribar matsewa tana can nesa, haɗarinta kuwa yana iya zuwa a daren yau.

An gwada matsewar sosai an ga inda ta kai. A binciken ACCORD da aka yi a Amurka da Kanada a kan mutane sama da 10,000, waɗanda matsakaicin shekarunsu 62 ne kuma suna da ciwon zuciya ko haɗarin kamuwa da shi, an nemi a saukar da gwajin rabinsu ƙasa da 6, ɗaya rabin kuma aka bar su tsakanin 7 da 7.9. A 2008 aka dakatar da matsewar kafin lokacinta, saboda mutum 257 sun rasu a rukunin da aka matse, alhali 203 ne a ɗaya rukunin. Masu binciken ba su ɗora alhakin mace-macen a kan faɗuwar suga kaɗai ba, amma faɗuwa mai tsanani da ta kai ga neman ma'aikacin lafiya ta ninka kusan sau uku a rukunin farko. Ka lura cewa waɗannan mutane sun fi Baba ƙuruciya da shekaru masu yawa.

Yanzu mu koma ga lambar Baba. Gwajin HbA1c matsakaici ne na sugan wata biyu zuwa uku, kuma 6.2 yana nufin matsakaicin awo na kusan 130 mg/dL dare da rana. Dattijon da ya ci tuwon shinkafa ko ya sha fura da rana, ba abin mamaki ba ne sugansa ya haura 200 bayan awa biyu. To idan yana kaiwa 200 da rana amma matsakaicinsa 130 ne, mai yiwuwa akwai wasu sa'o'i da yake yin ƙasa sosai har lissafin ya daidaita, kuma galibi sa'o'in nan tsakanin tsakar dare ne da asuba, lokacin da babu mai auna shi. Awon 85 da kuke gani da safe yana iya zama na jikin da ya riga ya taɓa 55 da ƙarfe uku na dare, hanta ta saki ɗan abin da ta tanada ta ɗago shi. Duk awon da ya yi ƙasa da 70 mg/dL faɗuwa ne, ƙasa da 54 kuwa faɗuwa ce mai haɗari. Idan na'urarku da mmol/L take nunawa, lambobin su ne 3.9 da 3.0.

Gilibenkilamid shi ne ya fi jawo wannan a wurin tsofaffi, kuma dalilin a bayyane yake. Aikinsa shi ne tilasta wa jiki fitar da insulin, sinadarin da ke saukar da suga, ko an ci abinci ko ba a ci ba, kuma yana daɗewa a jini. Ƙoda ce ke fitar da kusan rabin ragowarsa, ƙodar da ta yi shekara 78 a duniya, 20 daga ciki tare da ciwon suga, ba ta tacewa kamar da. Saboda haka ƙwayar miligiram 5 da ta dace da Baba yana ɗan shekara 60 ta yi masa yawa a yau, ko da kuwa bai canja komai ba. Sai a haɗa da halin cin abincin tsofaffi. Haƙora sun ragu, sha'awar abinci ta ja baya, an kai masa tuwo bayan isha'i ya yi loma uku ya ture kwano, alhali ya riga ya haɗiyi maganin dare. Wani kuma yana azumin Litinin da Alhamis bai faɗa wa likita ba, ko ana dafa masa garahuni da shuwaka a kan maganin asibiti. Ko zazzaɓin kwana biyu da ya hana shi cin abinci ya isa, haka ma kinin da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su sifurofuloksasin, waɗanda ke ƙara saukar da suga. Metfomin shi kaɗai da wuya ya jawo faɗuwa, shi ya sa aka bar shi, ko da yake shi ma ana rage shi idan tacewar ƙoda, wato eGFR, ta yi ƙasa da 45, a daina shi idan ta yi ƙasa da 30.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda faɗuwar ke ɓuya a jikin tsoho. Matashi idan sugansa ya sauka yana jin yunwa mai tsanani, zufa ta keto masa, hannu ya kama rawa, zuciya ta yi ta bugawa, sai ya nemi abin da zai sa a baki. A wurin dattijon da ya daɗe da ciwon waɗannan alamu suna dusashewa, musamman idan yana shan maganin hawan jini irin su atenolol ko furofuranolol, don haka ƙwaƙwalwa ce ke fara nunawa. Sai a ga Baba ya yi shiru yana kallon wuri ɗaya, ko ya yi ta faɗa ba dalili, ko ya kira jikansa da sunan wani, ko harshensa ya yi nauyi. Mutanen gida sai su ce gigin tsufa ne, wasu su ce iska ce, wasu su zaci shanyewar ɓarin jiki ce ta fara. Idan da dare ne, alamar kan zama zanen gado jiƙe da zufa, mugun mafarki, da ciwon kai da safe. Dattijon da ya tashi cikin wannan hali zai yi alwalar asuba, a kan simintin bayi mai santsi kuma ba wuta, faɗuwa ɗaya na iya karya masa ƙugu, kuma tsofaffi da yawa ba sa komawa tafiya da ƙafarsu bayan irin wannan karaya. Faɗuwar suga tana kuma iya rikita bugun zuciya ga mai tsohon ciwon zuciya. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Saboda haka Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka take raba tsofaffi bisa ƙarfin jikinsu. Mai ƙoshin lafiya da ke hidimar kansa, hankalinsa garau, ana nema masa ƙasa da 7 zuwa 7.5. Mai fama da wasu cututtuka da dama, ko mai ɗan mantuwa, ko wanda ake taimaka wa a wasu hidimomi, ana nema masa ƙasa da 8, awon safe kuma tsakanin 90 da 150. Wanda jiki ya yi rauni ƙwarai ba a bin lambar HbA1c a kansa, abin da ake kiyayewa shi ne kada sugan ya faɗi, kada kuma ya hau har ya wahalar da shi. Awon Baba na yanzu yana cikin iyakar rukuni na biyu.

Sassauci ba ya nufin a saki komai. Gwajin 8 daidai yake da matsakaicin kusan 180 mg/dL, kuma daga wajen nan ne suga ke fara zuba cikin fitsari. Idan kuka ga Baba yana yawan tashi fitsari da dare, ƙishirwa ta dame shi, yana ramewa, ciwo a ƙafa ya ƙi warkewa, ko awo yana ta haura 250 kwana biyu ko uku a jere, to an wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, kuma a lokacin zafin Maris da Afrilu bushewar jiki na saurin kwantar da tsoho. A nan sai a koma asibiti, inda likita zai iya ƙara wani magani mai sauƙin haɗari, kamar gilikilazid a ƙaramin kaso. A sanar da shi kuma idan Baba yana da ƙarancin jini ko an yi masa ƙarin jini kwanan nan, domin hakan na sa gwajin HbA1c ya ba da lambar da ba daidai ba.

Kafin ranar komawarku asibiti, ku riƙa auna shi a lokuta daban-daban na tsawon mako guda: kafin karin kumallo, awa biyu bayan abincin rana, da kafin barci, ku rubuta kowane awo tare da abin da ya ci. Awon kafin barci kada ya yi ƙasa da 100; idan ya yi, a ba shi ɗan abinci kafin ya kwanta. Duk ranar da halinsa ya canja farat ɗaya, a fara da auna suga. Idan ƙasa da 70 ne kuma yana iya haɗiya, a dama ƙaramin cokali huɗu na sukari a ruwa, ko a ba shi babban cokali ɗaya na zuma, a sake aunawa bayan minti 15, a maimaita idan bai hau ba, sannan ya ci abinci. Idan ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti mafi kusa. Ga maƙwabtanku da har yanzu tsofaffinsu ke shan gilibenkilamid, ku gaya musu cewa ko dattijo ya farfaɗo a gida sai an kai shi asibiti, domin maganin yana nan a jini kuma sugan na iya sake faɗuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ragowar ƙwayoyin da ke gidanku kuwa ku fitar da su daga ɗakin Baba, kada ya ɗauka bisa sabo.

Ka gaishe mini da Baba da jiki. Wassalam.

Naka,
Likita, Zariya