Malam, ya zan yi da aikin ɗalibata da lissafinsa ya karkace a tsakiya?

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Ni mai koyar da lesin ne, wata ɗalibata da ke karanta ƙididdiga ta ɗauki hoton aikinta ta turo min ta WhatsApp wai in duba mata kafin jarabawa, shi ne nake neman shawararka.

Tambayar dai ita ce an auna buhun shinkafa 25 da aka ce kowanne kilo 50 ne, matsakaicin nauyi ya fito 48.8, warwatsuwar nauyin kuma s = 2, sai aka ce a gwada a matakin kashi 5 cikin ɗari ko da gaske matsakaicin 50 ne. Na ɗauki biro na bi layi-layi, duk da hoton ya ɗan dishe kuma inuwar hannunta ta rufe gefe ɗaya. Layin farko H0: μ = 50 daidai ne, ta zaɓi gwajin t shi ma daidai tunda buhunan ba su da yawa kuma daga cikinsu aka samo s, ta ɗauko 2.064 daga tebur a df = 24, nan ma ba matsala.

A layi na huɗu ne abin ya karkace. Ta rubuta t = (48.8 − 50)/2 ta samu −0.6, alhali kamata ya yi ta raba da 2/√25 wato 0.4, t ya fito −3. Ita 2 ɗin nan fa tana nuna yadda buhu ɗaya yake bambanta da ɗan'uwansa ne, mu kuwa matsakaicin buhu 25 muke gwadawa, shi kuma ba ya tangal-tangal haka saboda masu nauyi suna cike giɓin marasa nauyi. To da −0.6 sai ta ƙi watsar da H0, alhali −3 ya wuce iyakar da nisa, buhunan ba su cika ba.

Wanda ya fi damuna ma layin ƙarshe ne, ta rubuta wai wannan ya tabbatar buhunan kilo 50 ne cif. Ko da −0.6 ɗin gaskiya ne ai iyakacin abin da za ta ce shi ne ba a samu isasshiyar hujjar cewa sun gaza ba.

Yanzu Malam, in zagaye mata layi na huɗu da jan biro in mayar mata, ko in ce mata kawai akwai gyara tsakanin layi na uku da na biyar ta nemo da kanta? Yarinyar tana da saurin karaya kuma jarabawar ta matso. Sannan wajen maki, layukan da suka biyo baya ta bi ƙa'ida bisa lambar da ta samu, in ba ta makinsu ko su ma sun tafi?

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Ɗalibinka mai lesin, daga Zariya