Batun rijiyar burtsatse ta unguwarmu

Assalamu alaikum ƴan uwa na gida Argungu da na waje, da fatan kowa na lafiya.

Maganar burtsatsen nan dai. Kuɗin da ake nema gaba ɗaya naira miliyan 6 ne, zuwa jiya mun haɗa miliyan 3 da dubu 800, saura miliyan 2 da dubu 200. Alhamdulillah an gama haƙa, an sa fayif, an samu ruwa a mita 70. Abinda ya rage famfon sola ne da faifansa, da tanki mai lita 5,000 da ƙarafan ɗora shi. Mun zaɓi sola ne don janareto in babu kuɗin mai shikenan ruwa ya tsaya, kuma ai kun san halin wutar nepa.

Kowane magidanci dubu 10, matasa dubu 3, mai hali ya ƙara don Allah. A tura ta asusun ƙungiya da ke saman rukunin nan, a ɗauki hoton rasit a turo ma ma'aji, in ba haka ba ba za mu san kuɗin waye ba. Mai tsabar kuɗi ya kawo bayan sallar Juma'a a karɓi rasit. Mai walda yace farashinsa na sati biyu ne kawai, to mu hanzarta.

Allah ya saka da alheri, ya sa a mizani.

Sakataren kwamiti