Kafin ku cire Bashir daga makaranta

Assalamu alaikum, Uwani.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan Gadarif mun gode Allah, ƙafar Innarki ta yi sauƙi.

Gwaggonki ta dawo daga Umra da labarin da ya hana ni barci. Ta ce malamin ɗanki Bashir ya ce yaron ba ya fahimtar karatu, wai har maigidanki ya fara maganar a kai shi shagon yayansa a can Jidda. Ta kuma ce da kunnenta ta ji an kira shi daƙiƙi a tsakar gidanki, ke kuwa ba ki ce uffan ba. Uwani, ke da kika ga abin da kalmar nan ta yi wa Sani? "Ba ya fahimta" ba sunan cuta ba ne. Na ƙare ƙuruciyata a gaban allon aji, kuma na san abu uku ne ke ɓuya a ƙarƙashin maganar nan: ko yaro bai iya fitar da kalma daga baƙi ba, ko yana fitar da ita amma bai san ma'anarta ba, ko ya san ma'anar amma bai iya haɗa wannan jimla da waccan ba. Kowanne maganinsa daban, kuma a zaune a kan tabarma za ki iya rarrabe su.

Ki samo labari gajere na Larabci, kamar kalma 100, daidai ajinsa, wanda bai taɓa gani ba. Wannan sharaɗin shi ne babba. Yaron da ya tashi da allo haddarsa ƙarfi gare ta; in ya ji shafi sau biyu zai maimaita miki shi kamar ruwa, ki zaci karatu yake. Ki sa shi ya karanta a bayyane, ke kuma kina riƙe da fensir kina yin ɗigo a kan duk kalmar da ya ɓata, ko ya tsallake, ko ya tsaya har sai da kika ɗora shi. Kada ki gyara masa da tsawa. In ɗigon ya wuce 10, shafin ya fi ƙarfin idonsa, kuma ba za a tuhumi hankalinsa ba tukuna. Haka ma in bai yi kuskure ba amma yana jan kowace kalma baƙi-baƙi: kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta.

Ki lura da irin kuskuren, don shi ne zai nuna miki ƙofa. In yana musanya ba da ta da sa, ɗigo ne bai zauna masa ba. Ki duba fa da ƙaf musamman. A allon da ya fara da shi wajen Malam, rubutunmu na Warshu ne, fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. A littafin makarantar Jidda kuwa mai ɗigo ɗaya a sama ita ce fa, ƙaf biyu gare ta. Yaro zai iya shekara yana tuntuɓe a nan ba wanda ya gane dalili. Sai kuma wasulla. Littattafan ƙananan aji cike suke da fataha da kisira da rufu'a, amma da aji ya yi gaba sai su riƙa raguwa, a bar yaro da kaf, ta, ba, shi zai gane ko kataba ce, ko kutiba, ko kutub. Bashir ya rasa makaranta tun da yaƙi ya tashi a Sudan a 2023, aka zo aka sa shi aji bisa shekarunsa. Ina kyautata zaton ya tsallake daidai matakin da ake yaye yara daga wasulla. Don ki tabbata, ki ƙirƙiri kalmomin da babu su, kamar "lamasha" ko "rudiba", ki rubuta su da cikakkun wasulla. Ba hadda, ba cinke. In ya karanta su daidai amma ya kasa rubutu mara wasali, kin ga inda ramin yake.

Washegari ki karɓi littafin, ke ki karanta masa wani labarin mai nauyi ɗaya, shi ya saurara kawai, sannan ki yi masa tambayoyi. In ya amsa da kunne abin da ya kasa da ido, magana ta ƙare: fitar da kalma ce matsalarsa, sai a koma babbaƙu da farfaru, kwata ɗaya na awa kullum.

In kuwa da kunnen ma ya yi shiru, sai ki koma kan kalmomi. Nan na fi zargi. Yaron nan da Hausa yake kwana, da Larabcin Sudan ya yi wasa a Wad Madani, yanzu yana jin na Hijaz a titi, littafi kuma da Fusha yake magana. A ce labarin ya ce Aliyu ya leƙa ta taga, ya ga hadari, sai ya koma ya ɗauki laima. Littafi zai ce nafiza, shi shubbak ya sani. Zai ce zahaba, shi masha ya sani, abokansa kuma rah suke cewa. Ki tsamo kalma biyar ko shida daga shafin, ki tambaye shi ɗaya bayan ɗaya, ya faɗa da Hausa ko ya nuna da hannu. Kada ki manta da ƙananan nan masu ɗaure magana, irin su li'anna da lakin da baina ma. Yaron da bai san su ba sai a zaci tunani ne ba shi da shi. Ki bayyana masa waɗanda bai sani ba, ki sake karantawa, ki sake tambaya. In amsa ta fito, kalmomi yake bukata ba bulala ba.

Sai bayan duk wannan za a taɓa maganar tunani. Ki ba shi labarin Aliyu da Hausa tsantsa. Ki fara da abin da aka faɗa ƙarara: me ya ɗauka? Sannan abin da ba a faɗa ba: me ya sa ya koma? Ba inda labarin ya ambaci ruwan sama, shi ne zai haɗa hadari da laima. In ya ce "don ya manta kuɗinsa", kada ki ce a'a, ki ce masa, "A ina ka ga haka?" Amsar da zai ba ki ita za ta nuna ko ƙagowa yake, ko ya rasa wanda "shi" ke nufi a jimlar. In abin ya maimaitu a labarai da dama, cikin harshen uwarsa, to sai a zauna a koya masa tsayawa bayan kowace jimla yana tambayar kansa dalili. Wannan ma ana koyonsa.

Kada ki yi gwajin nan a gaban ubansa. Shirun yaro a gaban babba ba ya nuna komai sai tsoro. Kuma a kai shi a duba idonsa da kunnensa kafin komai.

Na san kina cewa na tsananta muku da karatu kuna ƙanana. Na yi, domin na ga yadda ake rufe wa yaro ƙofa da kalma ɗaya, ya girma ya yarda da ita. Ba zan zauna ina gani a maimaita a kan jikana ba. Ban ce ki yi jayayya da maigidanki ba. Ki roƙe shi wata uku cikin ladabi, in ya so ni zan kira shi. Na san nauyin da ke kanki a ƙasar mutane, kuma ban raina ƙoƙarinki ba.

Ki ɗauki hoton shafin da kika yi wa ɗigo ki aiko mini, tare da kalmomin da ya kasa, in gaya miki inda za ku fara. Innarki na gaishe ku. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki.